Allurar Rigakafin Mura: Abin da Aka Faɗa wa Maniyyata

A taron bitar maniyyata aikin Hajji, wata jami'ar lafiya ta bayyana cewa ƙwayar cutar da ke cikin allurar rigakafin mura matacciya ce, don haka ba ta sa mura. Abin da aka fi gani shi ne tsamin dantse, ɗan zazzaɓi ko ciwon jiki na kwana 1 zuwa 2. Amma idan fuska ta kumbura ko numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti nan take.

Ta ce tsofaffi, masu ciki, masu ciwon sukari ko asma da ƙananan yara su ne kan gaba. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a yi masa. Kariya takan kankama bayan mako 2, shi ya sa ake yin ta tun kafin tashi.