Diloli Biyu, Rijiya Ɗaya: Abin da Girgizar Ƙasa Ta Nuna wa Toyota

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan. Yawancin masana'antun Toyota suna can nesa, amma duk da haka aikin ƙera motoci ya tsaya cik, kuma sai da aka yi kusan wata shida kafin ya koma daidai.

Toyota tana sayen kayan haɗa mota daga kamfanoni da dama, don haka ta ɗauka in wannan ya gaza, wancan zai cike gurbi. Ashe da yawa daga cikinsu rijiya ɗaya suke ɗiba. 'Yan mitsitsin na'urorin lantarki da ke sarrafa inji da birki, kaso mai yawa daga kamfanin Renesas suke fitowa, kuma girgizar ta lalata masana'antarsa ta Naka. Toyota ta san waɗanda take ciniki da su kai tsaye, amma ba ta san na bayansu ba. Makonni aka ɗauka ana bin diddigin wa ke sayar wa wa.

Daga nan ta shiga zana taswirar kayanta. Kowane abu sai an rubuta wa ke yin sa, a wane gari, shi kuma ina yake samo nasa kayan, har a kai tushe. Aikin yana da wuya, domin ba dilan da ke son bayyana inda yake saro kaya. Tsoronsa kada a tsallake shi.

Amfanin taswirar yana cikin lissafi guda. A ce kayan da ke sito za su kai mako uku, amma in masana'antar da ke yin su ta tsaya, sai mako goma sha biyu ta farfaɗo. Giɓin mako tara ke nan, kuma nan ya kamata kuɗi su tafi, ko da abin bai kai farashin kwalbar lemo ba.

Cike giɓin fa ba kyauta ba ne. Dila na biyu sai an gwada kayansa, abin da kan ci watanni a harkar mota, sannan a riƙa ba shi oda a kai a kai ko da rangwamen sari ya ragu, don wanda ba a taɓa saya a wurinsa ba, ba zai ajiye wa kowa kaya ranar tsanani ba. Inda babu madadi, sai tanadi: Toyota ta sa masu kawo mata kaya su ajiye irin waɗannan na'urori na wata biyu zuwa shida.

Da ƙarancinsu ya game duniya a 2021, Toyota ta fi takwarorinta jurewa. Amma da korona ta rufe masana'antu a Malesiya da Biyetnam, ita ma sai da ta rage kashi 40 cikin ɗari na motocin da ta shirya ƙerawa a watan Satumba.