Daga ƙofar fili zuwa kujera: yadda tsoho zai shiga jirgin sama

Kafin a saya wa dattijo tikitin jirgin sama, akwai tambayar da ya kamata iyali su amsa tsakani da Allah: shin zai iya hawa matakala? A kan amsar ne kamfanin jirgin zai tsara irin taimakon da zai ba shi.

Kamfanonin jiragen sama na duniya sun kasa masu neman keken guragu gida uku. WCHR shi ne wanda tafiya mai nisa ke gagara, amma yana hawa matakala. WCHS ba ya hawa matakala, sai dai in ya shiga jirgi zai taka zuwa kujerarsa. WCHC kuwa ba ya takawa sam, sai an kai shi har mazauninsa a wani siririn keke da ke bi tsakanin kujeru.

Mu ɗauki misalin tsohuwa mai ciwon gwiwa da za ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas. Sau da yawa daga ƙasa ake hawa jirgi, ta matakala mai tsayi. Idan ɗanta ya ce wa wakilin tikiti "a ba Hajiya keke" kawai, ana iya rubuta mata WCHR, a turo ta gindin matakala, a nan kuma a fara kame-kame. WCHS ne ya dace da ita, domin a tanadi na'urar ɗagawa ko masu ɗaukarta. A nemi wannan tun wurin sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tashi, na zuwa da na dawowa, sannan a tabbatar an shigar da shi cikin bayanan tikitin.

Ranar tafiya a isa da tazarar awa biyu. Keken ba lallai ya jira ta a bakin titi ba, don haka ta zauna, ɗan rakiya ya shiga wurin awon kaya ya sanar. Daga nan ma'aikaci zai karɓe ta, tunda marar tikiti ba ya wuce shingen bincike.

A shingen, sandarta za ta bi ta na'urar duba kaya. In tsayuwa ta gagara, mace ce za ta caje ta tana zaune. Magungunan hawan jini ko na sukari su kasance a jakar hannu, kada su tafi cikin akwati.

Masu keke aka saba fara shigarwa. Kujerar bakin hanya kusa da bayan gida ta fi mata sauƙi, amma ba a zaunar da mai larura a layin ƙofar gaggawa. Idan an sauka, a gaya mata kada ta bi rububin fita. Ta zauna har jama'a su ragu, mai keke zai zo ya kai ta wurin ɗaukar kaya.