Idan Jadawali Ya Fi Fuskar Waya Faɗi

Ranar da makaranta ta ɗora sakamakon jarrabawa a intanet, yawancin iyaye da waya suke dubawa. Uba zai ga sunan 'yarsa da makin Turanci da na Lissafi, sauran darussan kuwa sun shige bayan gefen waya. Ya ja da yatsa domin ya kai Kimiyya, sai sunan ya ɓace, ya rasa ko 72 ɗin da yake gani na 'yarsa ne ko na yarinyar da ke ƙasanta.

Matsalar ta awo ce. Faɗin fuskar wayoyi da yawa bai wuce fikzil 360 ba a ma'aunin masu gina shafuka. A ce aji yana da ɗalibai 40 da darussa tara. Idan ginshiƙin suna, wato jerin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, ya ci 120, kowane darasi kuma 80, jimla 840 ke nan, fiye da ninki biyu na abin da wayar za ta ɗauka. Masu sana'ar suna da hanyoyi uku na fita.

Ta farko ita ce a bar jadawalin yadda yake, a saka shi cikin akwatin da ake ja hagu da dama, da umarnin `overflow-x: auto`. Akwatin kaɗai ne ke motsi, sauran shafin yana nan daram. Babu wadda ta kai ta sauƙi, kuma ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018, waɗanda suka hana a tilasta wa mai karatu jan shafi gefe, sun keɓe jadawalin bayanai daga hanin. Aibinta biyu ne. Suna yana ɓacewa, kamar yadda ya faru da uban nan. Sannan idan ginshiƙi ya ƙare cif-cif a bakin fuskar waya, mai karatu zai ɗauka iyakarsa ke nan. Shi ya sa ake barin rabin ginshiƙi na gaba yana leƙowa.

Ta biyu ita ce a wargaza jadawalin, kowane ɗalibi ya zama kati guda: suna a sama, darussa a jere ƙarƙashinsa, kowane maki da sunan darasinsa a gefe. Ga uba mai neman sakamakon yaro ɗaya, wannan ta gama masa komai, ba ja gefe ko kaɗan. Amma malamin aji da ke son sanin wa ya fi kowa a Lissafi ya shiga uku. Ɗalibai 40, kowa da layi goma, layi 400 ke nan, kuma makin Lissafin da a da yake jere a ginshiƙi ɗaya yanzu ya watsu cikin kati arba'in. Akwai kuma wata asara da ido ba ya gani. Ana yin katin ne da `display: block`, kuma a wasu manhajojin shiga intanet wannan yakan sa manhajar da ke karanta wa makafi shafi ta daina gane cewa jadawali ne.

Ta uku gyara ce ga ta farko. Ana kafe ginshiƙin suna a hagu, darussa su riƙa wucewa ta bayansa:

```css
td:first-child, th:first-child {
  position: sticky;
  left: 0;
  background: white;
}
```

Layin `background` ɗin nan ba ado ba ne. In aka manta da shi, lambobi za su riƙa bayyana ta cikin sunaye, rubutu ya hau rubutu. In kuma aka manta da `left: 0`, ginshiƙin ba zai kafu ba sam. Farashin wannan hanya shi ne wuri. Suna ya ci 120 cikin 360, saura 240, darussa uku ke nan a gani ɗaya. Idan aka rubuta sunan yaro da na uba da na kaka har ya kai 200, darussa biyu kacal za su rage. Don haka ake barin dogon suna ya karye zuwa layi biyu.

To, wacce za a ɗauka? Ya danganta da tambayar da mai karatu ya zo da ita. Wanda ya zo duba mutum ɗaya, kamar uba, kati ya fi masa. Wanda ya zo gwada wani da wani, kamar malami ko ɗan kasuwa mai bin farashin hatsi a kasuwanni daban-daban, a ba shi kafaffen ginshiƙi. Ja gefe zalla ya wadatar ne kawai inda layukan ba su da yawa.

Gwajin ba shi da wuya. A miƙa wa wani waya a ce, "Nemo mini makin Kimiyya na ɗaliba ta goma sha bakwai." In aka ga ya ɗora yatsa a kan layi yana ja a hankali don kada ya kuɓuce masa, ko ya koma hagu ya sake duba suna, to jadawalin yana buƙatar gyara.