Sufana a Iska: Ɗigon da Ba Ya Karkacewa

Idan aka jefa sufana sama tana juyawa, kanta da wutsiyarta sai su yi ta walagigi kamar ba tsari. Amma akwai ɗigo guda a jikinta da ke bin lafiyayyar hanya mai siffar baka, wadda masana lissafi ke kira farabola. Wannan ɗigo shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da sufanar za ta zauna daram a kan yatsa ba ta rinjaya ba. Yakan fi kusa da ɓangaren da ya fi nauyi.

Dalilin yana cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Sassan ƙarfen suna jan juna yayin juyawa, amma duk jan da wani sashe ya yi, ɗan'uwansa yana rama daidai gwargwadonsa ta kishiyar fuska, sai su kashe juna. Ƙarfin da ya rage daga waje shi ne jan ƙasa, kuma cibiyar ba ta amsa wa kowa sai shi. Saurinta na gaba ba ya canzawa, na sama kuwa yana raguwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa.

A ce cibiyar ta tashi da saurin mita 4.9 a daƙiƙa zuwa sama, da mita 3 zuwa gaba. Cikin rabin daƙiƙa za ta kai ƙololuwa, wajen mita 1.2 sama da hannu. Daƙiƙa na cika, ta sauko daidai tsayin hannun, mita 3 a gaba, komai yawan juyin da sufanar ta yi.

Iska ce kaɗai ke iya ɓata lissafin, amma a kan ƙarfe mai nauyi da gajeriyar jifa tasirinta kaɗan ne ƙwarai.