Sauya sana'a a shekara 45: Lissafin da ya kamata ma'aikacin gwamnati a Birnin Kudu da Gwaram ya yi kafin ya ajiye aiki

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai iyalai da dama ƙarshen wata, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024 bai cike giɓin ba. Wannan ya sa ma'aikatan da suka kai tsakiyar shekarun aiki a Birnin Kudu da Gwaram suke tunanin barin ofis su kama wata sana'a. Sai dai mai shekara 45 ba ɗaya yake da saurayi ba. Yana da yara a sakandare, 'ya mai jiran aure, iyayen da suka manyanta, da ƙannen da ke kallon hannunsa. Idan ya faɗi, ba shi kaɗai zai faɗi ba.

A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda aka ɗauka yana da shekara 25 ya riga ya yi 20, saura 15. Saboda haka tambayar da ke gabansa ita ce: me zai bari idan ya tafi, kuma ta yaya zai gwada sabuwar sana'ar ba tare da ya taɓa abincin gidansa ba?

Abin da ake bari ya wuce albashi

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi a Jigawa suna ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2001, inda ake cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, gwamnati kuma ta zuba kashi 17. Abin da mutum zai karɓa ya danganta da yawan shekarun da ya yi da kuma matakin albashin da ya fita a kai. Wanda ya tafi a shekara 45 ya yanke shekarun da ake samun manyan matakai, don haka fanshonsa zai ragu har ƙarshen rayuwarsa. Haka kuma zai fita daga tsarin taimakekeniyar lafiya na ma'aikata da hukumar JICHMA ke gudanarwa, wanda ke rage masa kuɗin asibiti.

Ma'aikatan tarayya, irin na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, tsarinsu daban ne. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi asusu na kashin kai ga kowane ma'aikaci, kuma kuɗin da ke ciki nasa ne ko ya bar aiki. Amma ba ya iya taɓa su kafin ya cika shekara 50, sai dai idan ya yi wata huɗu babu wani aiki, a nan zai iya neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Ke nan duk wanda ya sa ran zai ajiye aiki yau ya kwashe kuɗin fanshonsa gobe ya yi jari, ya yi lissafin dokin rano.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe

Mutane da yawa suna cewa a fara kasuwanci a gefe kafin a bar aiki, amma ga ma'aikacin gwamnati akwai iyaka. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin da ke aiki na cikakken lokaci gudanar da wani kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, kuma Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya hukunta wanda ya saɓa. Abu ɗaya aka keɓe a fili, shi ne noma.

Wannan ya dace da kudancin Jigawa, inda ake da fadamu da ake noman rani, da manyan kasuwanni irin ta Sara a Ƙaramar Hukumar Gwaram, ga kuma babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ke kai kaya Dawanau. Noma ne sana'ar da ma'aikaci zai iya gwadawa a bainar jama'a yana karɓar albashinsa. Amma noman da ya saba yi na damina don cika rumbu daban yake da noman da zai maye gurbin albashi, kuma alƙalami ne kawai ke nuna bambancin.

Misali da alƙaluma

A ɗauki ma'aikacin ƙaramar hukuma mai shekara 45 a matsayin misali. Alƙaluman na kwatance ne, kowa zai sa farashin kasuwarsa a gurbinsu. A ƙaddara yana karɓar Naira 150,000 a wata, gidansa yana cin Naira 140,000, kuma ya tara Naira 900,000 ta hanyar adashi da sayar da sa guda.

Matakin farko shi ne ya ware kuɗin cefanen wata uku, wato Naira 420,000, ya ajiye saboda rashin lafiya ko jinkirin albashi. Abin da ya rage, Naira 480,000, shi ne iyakar abin da zai iya rasawa ba tare da an kwana da yunwa a gidansa ba. Girman gonar gwaji ya tsaya a nan, komai kyan labarin da yake ji a majalisa.

A ce kuɗin sun isa noman shinkafar rani eka ɗaya: hayar fili 40,000, huɗa da gyaran fangali 40,000, iri da magani 40,000, taki 150,000, fetur da hayar injin ban-ruwa 110,000, sai ƙwadago daga dashe zuwa sussuka 100,000. Idan noma ya yi kyau ya samu buhu 20 na shanshera, zai fitar da buhu ɗaya na zakka, domin amfanin gonar da aka shayar da inji ɗaya cikin ashirin ake fitarwa. Buhu 19 a kan Naira 40,000 ya kama Naira 760,000, ribarsa ke nan Naira 280,000.

Wannan riba tana da daɗin ji, amma ba ta wata ɗaya ba ce, ta kusan wata biyar ce. Ko da ya sake samun irinta da damina, ribar shekara Naira 560,000 ce, alhali albashinsa na shekara Naira miliyan 1.8 ne. Kafin noma ya biya shi abin da ofis ke biyan sa, yana buƙatar fiye da eka uku rani da damina, da jarin da ya haura Naira miliyan ɗaya da rabi a kowane zango.

Sai kuma lissafin mummunar shekara, wanda ya fi muhimmanci. Idan aka raba Naira 480,000 da buhu 19, za a ga cewa kowane buhu ya tsaya masa a kan kimanin Naira 25,300. Farashi na sauka zuwa 28,000, ribar ta koma 52,000. Idan kuma tsuntsaye ko ƙarancin ruwa suka rage amfanin ya tashi da buhu 13 na sayarwa a wannan farashi, ya yi asarar Naira 116,000. Wannan ba hasashe ba ne kawai: bayan da Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin hatsi ya faɗi sosai a 2025 yayin da taki ya ci gaba da tsada, kuma manoma da masu ajiyar hatsi da yawa sun ji a jikinsu. Mai albashi zai iya shanye irin wannan asara ya sake gwadawa. Wanda ya riga ya ajiye aiki, da jarinsa zai ciyar da gida.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗaɗa gona da bashin banki da ake cirewa daga albashi. Banki yana cire kuɗinsa kowane wata tun kafin shinkafa ta fitar da kai, sai albashin da aka jingina da shi ya ragu a daidai lokacin da gona ke neman fetur da taki. Idan noman ya ƙi, bashin yana nan.

Na biyu shi ne noman aike. Shinkafar rani tana son ruwa a kan lokaci, kuma mai gonar da ke zuwa ranar Asabar kawai ba zai san ko an zuba takin da ya saya ba. Gara ƙaramin fili kusa da gida, wanda zai iya leƙawa bayan sallar asuba da kuma bayan an tashi daga aiki, a kan babban fili mai nisa. Wanda bai taɓa noman rani ba zai fi amfana idan ya yi zangon farko tare da manomin da ya goge, ya kuma nemi shawarar malaman gona na hukumar JARDA, wadda ke da ofishin shiyya a Birnin Kudu.

Na uku shi ne haɗa aljihun gida da na gona. Da zarar buhuna sun shigo, dangi da maƙwabta sukan ɗauka duka riba ce, ga biki, ga suna, ga kuɗin makaranta. Mafita ita ce a cire jarin zango mai zuwa tun ranar sayarwa, a kuma zaunar da uwargida da manyan 'ya'ya a nuna musu lissafin, domin su san abin da ke na ci da abin da ke na shuka. Alamar da ke nuna gona ba ta tsaya da ƙafarta ba a bayyane take: idan kowane zango sai an ɗebo daga albashi an cika jari, to albashin ne ke noma.

Yaushe ya dace a fita?

Zango ɗaya mai kyau ba hujja ba ne. Abin da ya fi zama ma'auni shi ne rubutaccen lissafin aƙalla shekara uku, wanda a cikinsa aka gamu da shekarar da farashi ya faɗi ko ambaliya ta yi ɓarna. Idan matsakaicin ribar waɗannan shekaru ya ɗauki nauyin gida, jarin zango mai zuwa yana hannu ba na bashi ba, kuma ajiyar gida ta ƙaru daga wata uku zuwa shida, to maganar fita ta zama abar dubawa.

Ko a lokacin, yadda aka fita yana da tasiri. Daina zuwa aiki ba tare da izini ba yana iya kaiwa ga kora, kora kuma na iya jawo asarar haƙƙoƙin ritaya. Murabus daban, ritaya ta raɗin kai daban, kuma dokokin aiki sun tanadi hutu ba tare da albashi ba idan hukuma ta amince. Kafin ya rubuta kowace takarda, ya kamata ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je ofishin hukumar fansho da ke Dutse, na tarayya kuma ya tuntuɓi kamfanin da ke kula da asusunsa, a lissafa masa abin da zai samu idan ya fita yanzu da abin da zai samu idan ya ƙara shekara biyar, da kuma lokacin da za a fara biyan sa.

Ga ma'aikacin da ke cikin misalin, lissafin ya nuna cewa barin aiki a shekara 45 da eka ɗaya ganganci ne. Idan ya riƙa mayar da ribar cikin gona yana ƙara fili sannu a hankali, zai iya kai shekara 50 da gonar da ta san shi ya san ta, da ƙarin shekara biyar a lissafin fanshonsa, wasu daga cikin yaransa kuma sun kammala karatu. A lokacin ne zai zaɓa tsakanin ya fita ko ya ƙarasa shekarunsa, ba tare da ya jefa iyalinsa cikin caca ba.