Kurajen Da Man Shafawa Ba Ya Warkarwa

A kasuwannin Kwanar Dangora da Tudun Wada, mai kurajen fuska ba ya rasa mai tallata masa man shafawa. Da yawa daga cikin mayukan nan, musamman na bilicin, suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Yana kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, daga baya fata ta yi siriri, kurajen su dawo fiye da da, makero ma ya ƙara yaɗuwa.

Akwai kurajen da mai ba ya kaiwa gare su. Su ne manya masu zafi, masu tauri a can ƙarƙashin fata, a haɓa ko ƙirji ko gadon baya, waɗanda ke barin rami ko tabo mai tudu. Matsa su ƙara tabon yake yi. Idan an yi wata uku ana shafa magani babu sauƙi, a nemi takardar turawa daga babban asibitin Tudun Wada ko na Doguwa zuwa likitan fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sau da yawa sai an haɗa da maganin sha na watanni, kuma mafi ƙarfinsa yana nakasa ɗan tayi, don haka lallai mai ciki ta faɗa wa likita.

Kurajen da suka feso farat ɗaya kuwa ba sa jira. Wanda ya fara shan sabon magani, kamar Seftirin ko Fansida ko maganin farfaɗiya, sai bayan mako ɗaya zuwa uku zazzaɓi ya zo, idanu suka yi ja, leɓe da cikin baki suka yi gyambo, fata ta fara saɓulewa, to ransa na cikin haɗari. A kai shi asibiti a ranar, kada a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya kafin likita ya gan shi, a kuma tafi da kwalin maganin.