Ƙas Ɗin Da Firji Ke Yi Kafin Ya Yi Shiru

A tsakiyar zafin bazarar bana yayata ta kira ni da sassafe, muryarta duk a dagule. Firizar da take daskarar da zoɓo da kunun aya ta kwana tana wani abu: sai ta yi gurnani kamar za ta tashi, bayan daƙiƙa huɗu ko biyar a ji ƙas, sai ɗif. Bayan kamar minti biyu ko uku ta sake gurnanin, ta sake ƙas ɗin. Fitilar gabanta tana kunne, amma ƙanƙarar ciki ta fara zama ruwa, kunun aya kuwa kowa ya san ba ya jiran kowa. Wani maƙwabci ya riga ya yanke mata hukunci cewa kwamfiresa ce ta mutu, ta fara lissafin inda za ta samo kuɗin sabuwa.

Na ce mata, "Yaya, kafin komai zare ta daga soket, kada ki bar ta tana ta wannan ƙoƙari." Da hantsi na je da wani dattijon mai gyaran firji da na daɗe da sani. Abin da ya yi a ranar, da dalilin kowane mataki, shi nake so in bayyana, domin wannan ƙara tana sa mutane da yawa sayen kwamfiresar da ba su buƙata, wasu kuma su ƙone wadda lafiyarta lau.

Kwamfiresa ita ce baƙar tukunyar nan da ke ƙasan firji ta baya. A cikinta akwai injin lantarki mai juya wani ɗan famfo da ke matsa gas. Wutar gidajenmu layi ɗaya ce, kuma irin wannan inji ba ya iya tayar da kansa daga tsaye da naɗin waya ɗaya kawai; zai yi ta gurnani ne a wuri guda. Shi ya sa aka yi masa naɗi biyu. Ɗaya na aiki ne, yana ɗauke da wuta muddin firji na gudu. Ɗaya kuma na tayarwa ne, aikinsa kamar na masu tura motar da ta ƙi tashi: da ta kama, sai su janye hannu. Naɗin tayarwa ba a yi shi don ya daɗe da cikakkiyar wuta a jikinsa ba, idan ya daɗe zai ƙone.

Wanda ke ba wannan naɗi wuta sannan ya janye ta a kan lokaci shi ne rile. Ɗan abu ne da bai kai kwalin ashana ba, a soke yake a jikin ƙafafu ukun da suka fito daga gefen kwamfiresa, an rufe shi da murfin roba. A yawancin firjin zamanin nan irin wanda ake rubuta wa PTC ne, kuma babu abin da ke motsi a cikinsa. Wani ɗan faifai ne kamar kwabo, na wata irin ƙasa da aka gasa. Idan yana da sanyi wuta na ratsa shi cikin sauƙi ta isa naɗin tayarwa. Wutar da kanta ke zafafa shi, cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya yi zafin da zai kusan toshe hanyar gaba ɗaya, a lokacin kuwa inji ya riga ya kama gudu. Haka zai zauna da zafinsa har firji ya tsaya, sannan ya ɗauki mintuna kaɗan ya huce kafin ya iya sake tayar da inji.

To idan babu abin da ke motsi a cikin rile, wa ke yin ƙas ɗin? Maƙwabcinsa ne, wanda masu gyara ke kira obalod. Shi wani ɗan faifan ƙarfe ne mai lanƙwashewa idan ya ji zafi. Kwamfiresar firjin gida idan tana gudu lafiya abin da take ja bai cika wuce amfiya ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Amma idan aka ba ta wuta ta kasa juyawa, takan ja ninki biyar ko fiye, kuma a jikin wasu ma ana rubuta wannan adadi kusa da haruffan LRA. Wannan wuta mai yawa ita ke zafafa faifan obalod, ya lanƙwashe da ƙara, ya yanke wuta. Idan ya huce ya koma yadda yake, kwamfiresa ta sake gwadawa, ta sake kasawa. Saboda haka ƙas ɗin da ake ji ƙarar mai gadi ce da ke hana inji ƙonewa. Sai dai duk gwaji ɗaya yana ƙara dafa wayoyin ciki, kuma firjin da aka bari ya kwana biyu yana haka, ƙaramar matsalarsa kan iya komawa babba. Dalilin da ya sa na ce a zare soket tun da wuri ke nan.

Ba kowane ƙas ba ne abin tsoro. Na'urar daidaita sanyi takan yi ƙas sau ɗaya idan sanyi ya kai, firji ya huta, can kuma ya tashi ya yi gudu mai tsawo. Wanda ake magana a kai shi ne mai zuwa bayan ɗan gajeren gurnani, yana maimaita kansa, ciki kuma babu sanyi.

Da muka isa, dattijon bai fara da kwance komai ba. Mitarsa ya ciro ya soka a soket, ya duba ya ce bolt 214 ne, babu laifi. Yayata ta ce, "Baba, ai fitila na kawowa, wuta lafiya take." Ya ce, "Hajiya, fitila ko da rabin wuta takan kama, kwamfiresa kuwa sai da cikakken ƙarfi." Gaskiyarsa. Wutar da ya kamata ta zo gidajenmu bolt 230 ce, amma a unguwannin da taransifoma ta yi wa mutane kaɗan takan faɗi ƙasa da 180 da yamma, kuma a nan kwamfiresa mai lafiya da rile mai lafiya sukan kasa tashi, su yi ta wannan ƙas ɗin. Haka ma idan an jona firiza da doguwar siririyar waya, ko an ɗora ta a kan ƙaramin janareta: mita na iya nuna wuta daidai, amma da inji ya yunƙura sai ta zube. Shi ya sa ya sake aunawa a daidai lokacin da firizar ke gurnani, ya ga ba ta faɗi sosai ba. Wanda firjinsa ke yin ƙas da magariba amma yake aiki lau da tsakar dare, ya fara tuhumar wuta kafin rile.

Daga nan ya zare soket, ya ɓalle murfin robar, ya zaro rilen ya kai kusa da kunnena ya girgiza. Sai na ji yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba tsakuwa a ciki, ga ɗan ƙauri, ga baƙi-baƙi a bakin ramukansa. Faifan ya farfashe. A jikinsa an rubuta om 22, amma da ya ɗora mita ba ta nuna hanya ba sam. A nan akwai abin lura: tsofaffin firji suna da wani irin rile mai naɗin jan waya a waje, wanda ke da ɗan ƙarfe mai hawa da sauka a ciki. Shi wannan ko sabo ne idan aka girgiza zai yi ƙara, don haka girgizawa ba ta tabbatar da komai a kansa. Kuma rilen PTC na iya lalacewa bai yi ƙara ba, sai mita ce za ta tona shi.

Ni a nan na ɗauka aiki ya ƙare, amma ya ce ba zai sa sabon rile a kan injin da bai auna ba. Ƙafafu ukun nan suna da suna: C ita ce ta haɗaka, R ta naɗin aiki (wasu kamfanoni na rubuta M), S ta naɗin tayarwa. Tsakanin C da R ya sami om 18, tsakanin C da S ya sami 27, tsakanin R da S kuma 45. Adadin kan bambanta daga kwamfiresa zuwa wata, abin da ake nema shi ne biyun farko idan an haɗa su su ba da na ukun, kamar yadda 18 da 27 suka ba da 45. Sannan ya kankare ɗan fenti a jikin tukunyar, ya auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen, mita ba ta motsa ba. Da ta motsa, da wuta na zuba a jikin firiza ke nan, kuma wannan kwamfiresa ba ta gyaruwa, haɗari ce ga duk wanda ya taɓa.

Awon waya yana da iyaka. Naɗi na iya fita lafiya amma famfon ciki ya cije, kuma ba a gane wannan sai an sa sabon rile, wuta cikakkiya, inji ya huce, amma duk da haka ya yi gurnani ya yi ƙas. A nan ne kaɗai maganar sabuwar kwamfiresa ke da hujja. Idan firjin yana da kafasita a gefe, ita ma a auna ta kafin a yanke hukunci, kuma mai gyara ne ya kamata ya taɓa ta, domin takan riƙe wuta bayan an zare soket.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wasu ke cire obalod su haɗa waya kai tsaye wai don ƙarar ta daina. Ƙarar za ta daina, amma ranar da wuta ta zo da rauni babu mai yankewa, inji zai yi ta dahuwa har ya ƙone. Ƙari a kan haka, firji da yawa yanzu suna aiki da gas ɗin R600a, wanda ke kama wuta, don haka tartsatsi daga wayar da aka murɗa da hannu a bayan firji ba abin wasa ba ne. Rile da obalod kuma a sa masu lamba daidai da waɗanda aka cire, ba duk wanda ya shiga rami ba. Firjin da kwamfiresarsa ta inbata ce shi ba shi da wannan rile, allon lantarki ne ke tayar da shi, gyaransa daban.

Dattijon ya soka sabon rile mai om 22, ya maƙala mitarsa a waya, ya jona. Allura ta yi tsalle ta dawo ta zauna ƙasa da amfiya ɗaya, bayan mintuna kaɗan bututun baya ya ɗauki ɗumi. Yana haɗa kayansa ya tambayi yayata me take yi idan an ɗauke wuta. Ta ce nan take yara ke juya layi zuwa janareta. Ya girgiza kai ya ce a nan rilen ya sha wahala: lokacin faifan bai huce ba, gas ɗin da aka matsa bai kwanta ba, sai a ce inji ya tashi da kaya a ka. Ya ce ta riƙa kashe soket ɗin firiza ta jira minti biyar kafin ta kunna, ko ta nemi sitabilaiza mai jinkirin minti uku, ta kuma matsar da firizar kamar taƙi ɗaya daga bango, ta share ƙurar da ta lulluɓe bayanta. Kafin la'asar zoɓon ya fara kama jikinsa, kunun ayan daren jiya kuwa sai dai aka zubar.